Daga Bakin Kwano Zuwa Ƙasa: Yadda Ake Lissafin Indararo da Bututunsa

Gidan soro na da bai sha wa magini kai a kan ruwan sama ba. Ana karkata rufin kaɗan, a huda katangar sama, a cusa indararo na giginya ko na langa-langa, ruwa ya riƙa tsartuwa nesa da bango. Rufin kwano kuwa ba wuri ɗaya yake zubar da ruwansa ba. Duk tsawon bakinsa zuba yake yi, kuma idan ba a tare ba, ruwan ya haƙe gindin bango, ya fallatsa taɓo a jikin fenti, ya jiƙa harsashin gini shekara da shekaru. Shi ya sa ake kafa dogon indararo, wanda 'yan kasuwa ke ce wa gota, a kwance a bakin rufi, sannan a saukar da ruwan ta bututu.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin saye. Maigida ya shiga shagon kayan gini ya ce a ba shi gota ta mita kaza, kamar mai sayen yadi. Mai shagon da ya san aikinsa zai ce, "Alhaji, mita kazan nan na bango ne ko na bakin kwano? Kuma bututu nawa za a sa?" Tambaya ta biyu ita ce uwar lissafin. Sai an san yawan bututun sauka da inda kowanne zai tsaya kafin a san faɗin indararon, da yawan mahaɗai, da gefen da gangara za ta nufa. Bari mu ɗauki gida guda mu bi lissafinsa daga sama har ƙasa.

Awo uku kafin a taɓa aljihu

Gidan namu mai rufi biyu ne, wato kwano ya gangaro gaba da baya daga ƙololuwa ɗaya. Za mu yi lissafin gefen gaba kawai, domin na baya maimaici ne.

Awo na farko shi ne tsawon bakin rufi, kuma a jikin kwano ake ja tef, ba a jikin bango ba. Bangon gidan nan mita 13 ne, amma kwano ya zarce shi da rabin mita a kowane gefe, saboda haka bakin rufin mita 14 ne. Wanda ya auna bango zai dawo gida da kayan da suka gaza da mita guda cur, kuma a kusurwoyin nan biyu da aka bari fayau ne ruwa zai ci gaba da ɓarna.

Awo na biyu shi ne zurfin rufin a kwance, daga bakin kwano zuwa daidai ƙarƙashin ƙololuwa, da kuma tashinsa a tsaye. A nan zurfin mita 5 ne, tashin kuma mita 2.

Awo na uku shi ne na sauka: daga ƙasan inda indararo zai zauna zuwa daɓen tsakar gida, mita 3 da santimita 40, sai kuma tazarar da bakin rufi ya yi wa bango, santimita 60. Wannan tazarar ce mutane suka fi mantawa, alhali ita ke yanke hukuncin gwiwoyin da za a saya.

Ruwa nawa rufin zai zubo?

Ba jimillar ruwan shekara ake dubawa ba. Abin da ke cika indararo ya tumbatsa shi ne ƙarfin ruwa a mintocin nan kaɗan da hadari ya ɓarke, irin na watan Agusta a Kano ko Zariya, wanda ake yi kamar da bakin ƙwarya har ba ka iya hango gidan maƙwabci.

Da farko a fitar da faɗin rufin da ruwa ke duka. Da yake iska kan kaɗo ruwa a karkace, rufi mai tudu ya fi kama ruwa a kan shimfiɗaɗɗe. Hanya mai sauƙi da masu zanen gini ke bi ita ce a haɗa zurfin rufi da rabin tashinsa, a ninka da tsawon baki. A gidanmu, 5 da rabin 2 sun ba da 6, a ninka da 14, an sami murabba'in mita 84.

Sai ƙarfin ruwa. Ruwan milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne daidai. Teburorin da ake amfani da su a Ingila sun ginu ne a kan ruwan milimita 75 a awa. Tsawa da kwararar daminar ƙasashenmu sun fi ƙarfin wannan ma'auni, don haka a misalin nan za mu ninka shi, mu yi aiki da milimita 150 a awa, don a bar wa ruwa sarari. Lissafin shi ne:

84 × 150 ÷ 3600 = 3.5

Ana rabawa da 3600 ne domin sakan 3600 ke cikin awa. Ma'ana, a tsakiyar ruwa mai ƙarfi, gefe ɗaya na rufin nan zai riƙa zubo lita uku da rabi a kowane sakan. Jarka mai lita 25 za ta cika a cikin sakan bakwai da 'yan kai.

To, wane indararo ne zai ɗauki wannan? Ƙa'idar gine-gine ta Ingila ta ba da ƙiyasin abin da indararo mai siffar rabin da'ira ke iya kwashewa idan mafitarsa tana ƙarshensa guda. Mai faɗin milimita 100, wato inci 4, yana ɗaukar kimanin lita 0.8 a sakan. Mai milimita 125, inci 5, kusan lita 1.4. Mai milimita 150, inci 6, lita 2.2 ba kaɗan. Ka ga ke nan ko mafi girman cikinsu ba zai iya da lita 3.5 ba idan aka tura ruwan mita 14 gaba ɗaya zuwa bututu guda a kusurwa. Kafin ruwan ya kai mafita, indararon ya cika ya fara amai.

Inda bututu ya tsaya

Maganin ba lallai sai an nemo ƙaton indararo ba. Raba ruwan ake yi. Abin da kowane sashe na indararo yake ɗauka shi ne ruwan da ya zubo tsakanin tudunsa da mafitarsa, ba na dukkan rufi ba. Akwai hanyoyi uku a nan.

Ta farko, a sa bututu ɗaya a tsakiya. Ruwa ya taho daga dama da hagu, kowane ɓangare mita 7, lita 1.75 a sakan. Indararo mai inci 6 zai ɗauka, amma bututun guda shi zai haɗiye lita 3.5 ɗin duka, don haka dole ya zama babba, kuma ranar da leda ta toshe shi babu wata mafita. Ƙari a kan haka, tsakiyar gaban gida galibi nan ƙofa ko taga take.

Ta biyu, a sa bututu biyu, ɗaya a kowace kusurwa, tudun indararo ya kasance a tsakiya. Kowane ɓangare dai mita 7 ne da lita 1.75, amma kowane bututu rabin ruwan kawai yake sha.

Ta uku, a sa bututu biyu amma a shigo da su ciki, kowanne mita uku da rabi daga kusurwa. Yanzu indararon ya kasu huɗu, kowane sashe yana ɗauke da ƙasa da lita ɗaya a sakan, har mai inci 5 ma ya wadatar da rara. Wannan ita ta fi kwashe ruwa, sai dai bututun za su ratsa fuskar gini, kuma gangarar ta zama hawa da sauka har sau huɗu, abin da ke buƙatar ma'aikaci mai haƙuri.

Ga gidanmu za mu ɗauki ta biyu: indararo mai inci 6, bututu biyu a kusurwoyi. Tsakanin lita 1.75 da ake buƙata da 2.2 da yake iya ɗauka akwai 'yar rara, kuma ana son ta, domin doguwar tafiya da ƙura da ganye duk suna rage wa indararo ƙarfi. Teburin ya haɗa wannan indararo da mafita mai kusan milimita 90. A kasuwa bututun roba mai inci 3 da mai inci 4 aka fi samu, kuma tunda na farko ya ɗan gaza, sai a ɗauki mai inci 4.

Gangara: santimita biyu kacal

Indararo ba ya son gangara mai yawa. Abin da masu ƙera na roba suka saba ba da shawara shi ne kimanin milimita 3 a kowace mita, wato 1 cikin 350. A mita 7, wannan ya kama milimita 20, santimita biyu. Tsakiya ta fi kowace kusurwa tudu da faɗin ɗan yatsa, shi ke nan.

Nan ma akwai wata fa'idar raba ruwa biyu. Da a ce gangara ɗaya aka ja daga wannan kusurwa zuwa waccan, ƙarshen zai sauka da santimita 4. Duk sa'ad da indararo ya yi nisa da bakin kwano, ruwa mai gudu yakan tsallake shi, iska kuma ta kaɗa wanda ya rage zuwa bayan indararon, ya jiƙa katakon bakin rufi har ya ruɓe. Masu aikin da ke zuba gangara da ido, su ce don ruwa ya yi sauri, wannan matsalar suke haifarwa a ƙarshen layi.

Yadda ake fitar da gangarar ba wuya. A kafa mariƙi na farko a tsakiya, sama gwargwadon yadda kwano ya bari. A ɗauki tiyon ruwa irin na magina a kai lebur ɗin wannan wuri zuwa kusurwa, a yi alama, a sauko da santimita biyu, a kafa mazurarin mafita a nan. Sai a ɗaure zare tsakaninsu a ja shi tamau, sauran mariƙan su bi zaren. Kada a bi layin katakon bakin rufi, domin sau da yawa shi kansa a karkace yake. Bakin kwano kuma ya leƙa cikin indararon kamar sulusin faɗinsa, kimanin santimita 5, kuma leɓen waje ya ɗan fi na ciki ƙasa, ta yadda in ya tumbatsa zai zubar waje, ba jikin gini ba.

Ƙidayar kayan kwance

Indararon roba sanda-sanda ake sayar da shi, kuma tsawon sanda ya danganta da kamfani: akwai mai mita 3, akwai mai mita 4, akwai wanda ya kusa mita 6. A tambaya, a kuma sa tef a auna a shago. Mu ɗauka namu mai mita 4 ne. An raba 14 da 4 an sami uku da rabi, kuma ba a sayar da rabi, don haka sanda huɗu.

Yadda za a yanka su ma abin tunani ne. Ana iya jera uku cikakku a ƙara guntun mita 2. Idan aka yi haka gaba da baya, sanda bakwai sun ishi gidan duka, domin sanda ɗaya za a raba biyu. Amma tudun tsakiya zai faɗo a cikin jikin sanda, sai an ɗan tanƙwara ta. Ɗaya hanyar ita ce 4, 3, 3, 4, inda mahaɗin tsakiya ya zauna daidai kan tudu, kowane ɓangare ya miƙe sak zuwa mafitarsa. Wannan ya fi tsabta, amma zai ci sanda takwas a gidan duka, a bar guntaye huɗu na mita ɗaiɗai. Roba tana jure 'yar tanƙwarar santimita biyu, don haka mai son tsimi bai yi laifi ba. Mu dai za mu bi ta biyun.

Mahaɗai kullum suna gaza yawan guntaye da ɗaya. Guntu huɗu, mahaɗi uku. Abin lura shi ne mazurarin da ke zama a tsakiyar layi shi ma mahaɗi ne, domin indararo na shiga cikinsa ta gefe biyu. Da mun zaɓi bututun tsakiya, da lissafin ya zama mahaɗi biyu, mazurari ɗaya, da murfin ƙarshe biyu. A namu tsarin kuwa mazurari biyu ake buƙata. Wasu kamfanoni suna yin mazurarin kusurwa da murfinsa a haɗe, wasu kuma sai ka sayi murfin daban. A duba kafin a bar shago, domin rashin murfi ɗaya na iya tsayar da aiki yini guda.

Sai mariƙai, waɗanda 'yan kasuwa ke kira biraket. Yawancin masu ƙera indararon roba suna cewa kada tazararsu ta wuce mita ɗaya. A ƙasar da rana ke gasa roba har ta yi laushi, kuma indararo mai inci 6 in ya cika kowace mita tana ɗauke da ruwan da ya kusa kilo 9, gara a matso da su. Mu sa santimita 70. Mita 14 ta ba da tazara 20, kuma mariƙai sun fi tazara da ɗaya, tunda akwai na farko da na ƙarshe: 21 ke nan. Wani daɗin wannan tazarar shi ne kowane ɓangare na mita 7 ya kasu goma, kowane mariƙi yana ƙasa da na bayansa da milimita 2.

Mahaɗi wuri ne mai rauni, bai kamata ya yi lilo ba. Wani mahaɗin yana da hujin sukuru, ana ɗaure shi a katako kai tsaye. Wanda ba shi da shi, sai an sa masa mariƙi a kowane gefe, kada ya wuce santimita 15 daga gare shi. Mahaɗi uku, ƙarin mariƙi shida, jimla 27. Kowanne sukuru biyu, 54, kuma a nemi wanda ba ya tsatsa. Ƙusa ba ta dace ba, domin nauyin ruwa da motsin roba suna zare ta a hankali.

Idan kuma wurin maƙeran kwano za a lanƙwasa indararon daga falle mai ƙafa 8, wato mita 2.44, lissafin ya ɗan sauya. Nan babu mahaɗi, ɗora baki ake yi a kan baki, a buga ribit, a shafe da silikon. Kowace ɗori tana cin kamar santimita 5. Guntu shida da ɗori biyar sun ba da mita 14.39, sun isa da 'yar rara. Sharaɗin shi ne guntun da ke tudu ya hau kan na gangare, don ruwa ya bi ta kan ɗorin ya wuce, ba ya tunkari bakinta ba.

Ƙidayar kayan sauka

Mafitar indararo tana can waje, bango kuma yana ciki da santimita 60. Sai an karkato da bututu ya dawo jikin bango kafin ya miƙe ƙasa, kuma gwiwa biyu ke yin wannan aiki, da guntun bututu a tsakaninsu. Gwiwa mai digiri 45 ta fi mai digiri 90, domin ta 90 tana sa bututun ya kwanta, yashi da ganye su taru a ciki.

Da gwiwar 45 lissafin a fili yake: duk nisan da bututu ya matsa gefe, daidai shi yake sauka ƙasa, tsawon karkataccen guntun kuma shi ne nisan a ninka da 1.41. Santimita 60 ta ba da kusan 85, kuma an sauka da 60. Gwiwoyin kansu suna cin wani abu daga wannan tsawon, don haka a gwada a jikin gini kafin a sa zarto.

Yanzu sai miƙaƙƙen sashe. Daga 340, a cire 10 na ɗan guntun da ke tsakanin mazurari da gwiwar farko, a cire 60 na karkata, a cire 15 da za a bari tsakanin bakin bututu da ƙasa. Saura 255. Idan aka tara 10 da 85 da 255, kowane bututu ya ci mita uku da rabi, wato ya fi tsayin da aka auna duk da bai taɓa ƙasa ba. Biyun mita 7.

Idan sandar bututu mai mita 4 ce, biyu sun isa, kowace ta yi sauka guda. Idan mai mita 3 ce, uku za a saya: biyu su ba da dogayen sassan da ƙananan guntayen daga ragowarsu, ta ukun a yanko karkatattun biyu. Ta haka ba a buƙatar soket ko ɗaya. A gidan bene inda dole a haɗa bututu da bututu, faffaɗan bakin ya kalli sama, na sama ya shige cikin na ƙasa. Idan aka juya, ruwa zai riƙa tsiyaya ta mahaɗin yana bin bango.

Kilif na riƙe bututu kada tazararsa ta kai mita 2. A sashe mai santimita 255, uku ya dace: ɗaya a ƙarƙashin gwiwa ta biyu, ɗaya a tsakiya, ɗaya dab da ƙasa. A ƙarshe sai gwiwa ta uku, wadda ke juya bakin ruwa ya bar bango.

Ga takardar da za a kai shago don gefe ɗaya: indararo mai inci 6 sanda huɗu, mahaɗi uku, mazurari biyu, murfin ƙarshe biyu idan ba a haɗe suke ba, mariƙi 27, sukuru 54, bututu mai inci 4 sanda biyu masu mita 4, gwiwa shida, kilif shida da abin kafa su a bango. A ninka biyu don gidan duka. Kuma indararo da kayan haɗinsa su fito daga kamfani ɗaya, domin inci 6 na wannan ba lallai ya shiga mahaɗin wancan ba. A sa mai shago ya haɗa su a gabanka ka gani.

Idan rufin yana da kusurwa

Rufin zamani mai gangara ta fuska huɗu yana zubar da ruwa ta ko'ina, don haka indararo zagaye gidan zai yi. Nan babu murfin ƙarshe, sai kusurwar waje huɗu, kuma kowace kusurwa mahaɗi ce da ke son mariƙi dama da hagu. Kusurwa tana rage wa ruwa gudu, musamman idan tana dab da mafita, saboda haka kada a tilasta wa ruwa mai yawa zagaya kwana kafin ya sami bututu.

Gida mai lungu kuma yana da kwari, inda rufi biyu suka haɗu suka zubo ruwansu ta layi ɗaya. A wannan kusurwar ciki ruwa da ƙarfi yake fitowa, yakan harbe ya tsallake indararo. Wurin yana son bututunsa na kansa kusa-kusa, da ɗan falle a tsaye a leɓen waje don tare harbin.

Zafi yana motsa roba

Robar indararo tana miƙewa kimanin milimita 0.06 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. Tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara, bambancin digiri 30 a jikin robar da ke shan rana ba abin mamaki ba ne. Sanda mai mita 4 za ta motsa da kusan milimita 7, layin mita 14 kuma da santimita biyu da rabi.

Saboda wannan ne mahaɗan da ke da zoben roba a ciki suke zuwa da alamar inda bakin indararo zai tsaya. Ba a tura shi har ƙurya, ba a kuma shafa masa gam. Idan aka cuccusa sandunan suka haɗe, da zafi ya zo ba su da wurin miƙewa, sai layin ya yi doro ko ya ɓalle mariƙi. Idan kuma aka yanka su gajeru, da sanyi ya zo sai baki ya zame daga kan zoben, mahaɗi ya fara ɗiga. Haka nan ba a huda jikin indararon roba a ɗaure shi da sukuru. Zama yake yi a cikin mariƙi yana zamewa gaba da baya.

Gwaji da alamun matsala

Kada a sallami ma'aikaci sai an gwada. A hau da bokiti biyu a juye a tudun tsakiya. Ruwan ya rabu biyu, ya fita ta bututun, kuma bayan 'yan mintoci kada a ga kwantaccen ruwa a ko'ina. Inda ya kwanta, akwai mariƙin da ya sauka daga layin zare, kuma nan ne sauro zai yi ƙwai, laka ta taru.

Ruwan farko mai ƙarfi shi ke faɗin sauran gaskiya, kuma kowace matsala da alamarta. Idan indararo yana tumbatsa a tsakiyar tafiya alhali bututu na zuba da ƙarfinsa, indararon ya yi ƙanƙanta ko bututun sun yi kaɗan, kuma ƙara mafita guda ya fi sauya layin duka arha. Idan yana tumbatsa dab da mafita kuma bututun na zuba kaɗan-kaɗan, toshewa ce, galibi a gwiwar farko. Idan ruwa na tsallakewa alhali indararon bai cika ba, an kafa shi ƙasa da yawa ko kwano ya leƙa fiye da kima. Idan kuwa katakon baya ne ke jiƙewa, kwanon bai leƙa sosai ba. Koren layi a bango daga sama zuwa ƙasa kuma yana nuna soket da aka juya ko bututun da ya tsage ta baya.

Watannin rani suna cika indararo da ƙurar hunturu da ganyen darbejiya da leda, don haka a share shi kafin ruwan farko, a kuma sa 'yar raga a bakin kowane mazurari.

Saura inda ruwan zai tafi, kuma tun ran gini ran zane: a yanke wannan kafin a zaɓi kusurwar da bututu zai sauka. Bututun da ya zubar a gindin bango ya tara ɓarnar mita bakwai ne a wuri guda. A yi masa 'yar hanyar siminti zuwa kwata, kuma kada bakinsa ya kalli katangar maƙwabci. Mai son tara ruwa kuma ya yi lissafi da faɗin rufin a kwance, 14 sau 5, murabba'in mita 70. Ruwan milimita 20 zai ba shi kusan lita 1,400 daga gefe ɗaya, wato kowane bututu 700. Tanki mai lita 1,000 zai iya cika a ruwa biyu, saboda haka yana buƙatar mafitar rara mai faɗin bututun da ke shigar masa, a kuma bar ruwan farko ya wanke rufi ya zube kafin a juya bututun cikin tanki.